Rassa uku, rahoto ɗaya: yadda ake fitar da matsakaici

Ƙa'idar da ake bi wajen haɗa rahoton rassa ita ce: idan girman rassan ya bambanta, ba a tara kasonsu a raba da yawan rassa. Ainihin alƙaluman ake komawa a tara, sannan a fitar da kaso ɗaya.

A ce wata ƙungiyar gama kai ta ba manoma bashin taki a rassa uku. Reshen Gombe ya ba mutum 900, 540 suka biya, wato kashi 60 cikin ɗari. Na Kumo ya ba 80, 72 suka biya, kashi 90 ke nan. Na Dukku mutum 20 kacal ya ba, kuma duk sun biya.

Sakatare mai gaggawa zai tara 60 da 90 da 100 ya raba uku, ya rubuta kashi 83.3. Shugabanni su ce madalla. Amma a ƙirga kawunan mana. Mutum 1,000 suka ci bashi, 632 suka biya, kashi 63.2 ke nan. Rahoton ya wanke kimanin mutum 200 da ba su kawo ko sisi ba. Dalili kuwa, lissafin farko ya ba mutum 20 na Dukku nauyi daidai da mutum 900 na Gombe, har manomi ɗaya a Dukku ya tsaya a madadin 45.

Mun san wannan a zaɓen gwamna ma: ƙuri'un ƙananan hukumomi 11 na jihar Gombe ake tarawa, ba kasonsu ake rabawa 11 ba.

Idan kaso kawai rassa suka aiko, sai a nemi yawan mutanen kowanne, a ninka kason da yawan, a tara, a raba da jimillar mutane. A Excel, in yawan mutane na B, kaso na C:

```
=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)/SUM(B2:B4)
```

Inda masu ƙoƙari ma ke tuntuɓe shi ne zaɓen abin da za a auna da shi. In kason na kuɗin da aka dawo da shi ne, da naira za a auna, ba da kawuna ba, domin babban manomi ɗaya a Kumo na iya cin bashin da ya fi na mutum hamsin.

Ba wai raba uku haramun ba ne. In rassan girmansu ɗaya, duk hanyar da aka bi amsa ɗaya ce. In kuma ƙwazon manajoji ake son gani, ana iya kawo shi, muddin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa matsakaicin rassa ne, ba na masu bashi ba. Ni dai in aka miƙo mini rahoto, reshen da ya rinjayi sauran nake fara dubawa. Tunda Gombe ke riƙe da tara cikin goma na mutanen, dole jimillar ta tsaya kusa da 60. Da na ga 83, sai in ce a kawo littafin kowane reshe.