Wannan layin `Signed-off-by` da muke takura muku a kai, ga abin da yake nufi

Duk wanda ya buɗe rumbun aikinmu a GitHub zai ga fayiloli guda biyu a sama-sama, `README.md` da `CONTRIBUTING.md`. Na farkon shi ke faɗin mene ne aikin, wato jerin kalmomin Hausa da muke tarawa mu ƴan sa kai a nan Gombe domin allon rubutun waya ya daina gyara mana "ƙasa" zuwa "kasa", da yadda za ka sauke shi. Na biyun kuwa dokar gida ce. Yawancinta babu wuya, ka ɗauki aiki mai alamar `good first issue`, ka yi `fork`, ka buɗe reshenka, ka turo `pull request`. Amma akwai doka ɗaya da kusan duk sabon zuwa sai ya yi tuntuɓe da ita, wai dole kowane `commit` ya zo da sa hannu.

Ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Sunanta Developer Certificate of Origin, a taƙaice DCO, masu aikin Linux ne suka fito da ita a 2004. Abin da kake shaidawa idan ka sa hannu shi ne ɗayan uku: ko kai ka rubuta abin kuma kana da ikon bayar da shi a ƙarƙashin lasisin aikin, ko ka gina shi ne kan aikin wani wanda lasisinsa ya yarda a yi hakan, ko wani ne ya ba ka bayan shi ma ya shaida kuma ba ka taɓa komai a ciki ba. Sai na huɗu da mutane ba sa karantawa, ka amince cewa sunanka da imel ɗinka za su zauna a tarihin aikin har abada, kowa na iya gani. Don haka wanda ba ya son imel ɗinsa a fili gara tun farko ya yi amfani da adireshin `noreply` da GitHub ke bayarwa.

Yin sa ba komai ba ne, `-s` kawai za ka ƙara:

```
git commit -s -m "Kara kalmomi 40"
```

Git da kansa zai liƙa layin `Signed-off-by`, wato sa hannun, a ƙarshen saƙon, da suna da imel ɗin da ka saita a `user.name` da `user.email`.

Kwanakin baya wani ƙaninmu daga Pantami ya turo aikinsa na farko, `commit` uku, kalmomi kusan 300, sai ga jar alama a gefe. Ya kira ni hankali a tashe, "Yaya sun ƙi aikina fa." Na ce babu wanda ya ƙi, danna `Details` ka karanta. Ashe biyu ba sa hannu kwata-kwata, na ukun kuma da hannu ya rubuta layin ya sa wani imel daban da wanda ke kan `commit` ɗin, shi kuwa injin da ke binciken sa hannun sai sun zo ɗaya yake yarda. Na ce ya goge wancan layin, sannan ya yi wannan:

```
git rebase HEAD~3 --signoff
git push --force-with-lease
```

Da guda ɗaya ne, `git commit --amend -s` ta isa. Turawar dole ta zama ta ƙarfi saboda an sake rubuta tarihi, amma a reshenka kaɗai, kar ka kuskura ka gwada a `main`.

Alama ta koma kore, yaro ya yi murna. To a nan ne gizo ke saƙar. Da na zauna duba kalmomin sai na ga kowacce da ma'anarta tsaf, ga gajerun alamomin nahawu, ga jeri bi da bi daga "ba" har "bu", wallahi ko ba a faɗa ba ka san daga littafi aka kwafo. Na tambaye shi, ya ce e, ƙamus ne na wansa, ai ya ga taimako ne. Kalma dai ba ta kowa ba ce, "burtu" ba mallakin wani ba ne, amma bayanin ma'anar da marubuci ya tsara nasa ne, kuma rumbunmu yana kan lasisin MIT wanda ya ba kowa damar ɗauka, ya gyara, har ya sayar. Ka ga kenan mun yi kyauta da kayan da ba namu ba, shi kuma ya sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Injin ba ya gane wannan, layi kawai yake nema, shi ya sa koren ma ba ya hana mutum ya karanta kafin a haɗe.

Ba mu rufe masa ba. Ya cire ma'anonin, ya bar kalmomin da ya sani da bakinsa, 112 suka rage, ya rubuta misalan jimla da kansa, har da wata kan dakon kaya a Tashar Dukku da ta ba mu dariya. Ranar Asabar aka haɗe aikin, mu kuma muka ƙara layi a `CONTRIBUTING.md` cewa duk wanda ya kawo fiye da kalmomi 50 ya faɗi inda ya samo su.