Wanda ka ba katinka shi zai dakatar da cire kuɗin: soke rajistar da aka saya ta Play Store ko App Store

Ƙa'idar ita ce, rajistar biyan wata-wata ana soke ta ne a inda aka saye ta. Idan a cikin manhaja ka danna biya, kuma Google Play ko App Store na Apple ne ya karɓi kuɗin, to katinka yana hannun Google ko Apple ne. Kamfanin da ya yi manhajar rabonsa kawai yake karɓa daga gare su. Shi ya sa za ka shiga shafin kamfanin ka duba ko'ina ka rasa wurin sokewa, ko kuma a rubuta maka cewa ka koma shagon manhajoji.

Ɗauki misalin ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta sauke manhajar koyon Larabci, aka ba ta gwajin kyauta na kwana 7, bayan haka a ce naira 3,500 kowane wata. Ta karɓa ranar 3 ga wata, manhajar ba ta yi mata ba, ta goge ta daga waya. Ranar 10 sai ga alat na cire kuɗi, wata mai zuwa ma haka. Goge manhaja ba ya soke komai, domin umarnin cire kuɗin yana cikin asusunta na Google. Ko da asusunta na kamfanin ta rufe baki ɗaya, cirewar tana iya ci gaba.

Kafin komai a tabbatar da wanda ke cirewa. A bayanin banki, cirewar Google takan fara da GOOGLE*, ta Apple kuma APPLE.COM/BILL. A imel ɗinta za ta tarar da rasit, na Google lambarsa tana farawa da GPA. In sunan kamfanin ne kai tsaye ba waɗannan ba, to a shafinsa ta saya, can za ta soke.

A wayar Android, ta buɗe Play Store, ta taɓa hotonta da ke sama ta dama, ta shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, ta zaɓi manhajar, ta danna Cancel subscription, ta bi tambayoyin har ƙarshe. A kula da Pause da wasu manhajoji ke bayarwa a nan, hutu ne na ɗan lokaci, yana ƙarewa cirewa za ta dawo. A iPhone kuwa Settings ne, sai sunanta a sama, sai Subscriptions, sai Cancel Subscription. In babu wannan maɓalli, ko ta ga ranar ƙarewa da jan rubutu, an riga an soke.

Inda akan maƙale shi ne jerin ya fito babu komai. Mutane da yawa a shagon mai waya aka buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, daga baya suka buɗe wani, wasu ma ɗan'uwa ne ya sa musu nasa. Rajistar tana ƙarƙashin asusun da ya saya ne kaɗai. Don haka a sauya asusu ta wannan hoton na sama, a duba ɗaya bayan ɗaya, kuma adireshin da rasit ya shiga shi ne mai rajistar. Idan wayar ta ɓata ko an sayar da ita, ba sai an same ta ba, a shiga play.google.com daga kowace waya da wannan asusun. Wanda ya manta kalmar sirri sai ya fara da dawo da asusun.

Wasu sukan kwashe kuɗin da ke katin ko su sa banki ya toshe shi. Ba mu ba da wannan shawara. Rajistar ba ta mutuwa nan take, Google kan sake gwada cirewa na wani lokaci, kuma in akwai wani kati da aka ajiye a madadin, sai ya koma kansa.

Sokewa tana hana biya na gaba ne, ba ta dawo da wanda aka riga aka cire. Ɗalibar da ta soke ranar 15 za ta ci gaba da amfani har ranar 10 ga wata mai zuwa, tun da ta biya. Neman a maido kuɗi buƙata ce daban. A Google, cikin awa 48 da cirewa za ta iya nema ta shafin taimako na Google Play, bayan haka yawanci mai manhajar za ta tuntuɓa. A Apple, reportaproblem.apple.com ne, kuma su ke yanke hukunci a ba ta ko a hana. Game da gwajin kyauta, Apple ya ce a soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare, wato gwajin da zai ƙare ranar 10 gara a soke shi tun ranar 8.