Waiwaye: Bolt ɗaya da rabi da batirin litiyam titanet ya biya kafin ya samu tsawon rai

Muhawarar da ake yi a biranen da ke sauya motocin safa zuwa masu aiki da lantarki ba ta ƙare ba: shin a ɗora wa mota babban batiri da za a yi wa caji cikin dare, ko ƙarami da za a riƙa cikawa cikin 'yan mintuna a ƙarshen kowace tafiya? Masu ra'ayi na biyu sukan kafa hujja da batirin litiyam titanet, wanda ke jure caji sau dubbai ba tare da ya gaji ba, ɗaya ɓangaren kuma su ce nauyinsa ya fi ƙarfinsa. Kowane ɓangare yana da gaskiya, sai dai ana magana kamar wannan cinikin sabon abu ne, alhali an ƙulla shi tun shekaru talatin da suka wuce.

Farkon labarin sananne ne. A 1991 kamfanin Sony ya fitar da batirin litiyam-ayon na farko da ya shiga kasuwa, inda aka yi ɓangaren da ke karɓar litiyam lokacin caji, wato anod, da sinadarin kabon, kuma ba a daɗe ba girafayit ya zama abin da kusan kowa ke amfani da shi. Daga nan tseren ya koma kan tambaya ɗaya, wato yawan makamashin da za a iya cusawa a kowane kilo.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a tsakiyar wannan tseren. A 1994 ƙungiyar Michael Thackeray a Afirka ta Kudu ta gwada litiyam titanet, wato Li4Ti5O12, a matsayin anod, sannan a 1995 Tsutomu Ohzuku da abokan aikinsa a Jami'ar Birnin Osaka suka nuna cewa litiyam yana shiga wannan sinadarin ya fita ba tare da girman ƙwayoyinsa ya sauya ba, in ban da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Girafayit kuwa yana kumbura da kusan kashi 10 cikin ɗari duk lokacin da aka cika shi, ya kuma motse idan aka sauke cajin. Wannan kumburi da motsewa, kamar na bangon ƙasa tsakanin damina da rani, shi ke tsattsaga shi a hankali.

Amma rashin kumburi rabin labarin ne, ɗaya rabin yana cikin matakin ƙarfin lantarkin da sinadarin ke aiki a kai. Idan aka auna daga tsantsar ƙarfen litiyam, girafayit yana karɓar litiyam a kusan bolt 0.1, titanet kuwa a bolt 1.55. A ƙasa da kusan bolt ɗaya ruwan batiri yakan ruɓe a fuskar anod ya zama wani siririn ɓawo, kuma duk lokacin da girafayit ya kumbura ɓawon ya tsage, sai sabo ya tsiro ya cinye wani ɓangare na litiyam da ba zai sake dawowa ba. Haka kuma, saboda girafayit yana dab da matakin ƙarfen litiyam, idan aka tura masa caji da ƙarfi, ko cikin tsananin sanyi, litiyam ba ya samun damar shiga ciki, sai ya daskare a waje ya fitar da ƙayoyi da za su iya huda shingen da ke raba ɓangarorin batirin biyu, wanda hakan kan jawo gobara. Titanet yana zaune nesa da waɗannan haɗurran biyu, shi ya sa yake karɓar caji da sauri, yake kuma aiki har a sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri.

Nisan nan shi ne farashin. Ƙarfin ƙwayar batiri shi ne bambancin da ke tsakanin anod da ɗaya ɓangaren, wato katod, don haka katod mai kusan bolt 3.8 yana ba da kusan 3.7 idan aka haɗa shi da girafayit, amma kusan 2.3 kacal da titanet. Bayan haka, giram ɗaya na titanet bai iya riƙe cajin da ya fi miliyamfiya-awa 175 ba, na girafayit kuwa 372 ne. A ganina, duk wanda ya karanta sakamakon 1995 da kyau ya riga ya ga yadda kasuwa za ta kasance, domin lambar da ta kare batirin daga tsufa ita ce dai ta rage masa makamashi, kuma ba a raba su.

Shekarun da suka biyo baya an kashe su ne wajen gyaran abin da ke gyaruwa. Titanet ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi, sai aka niƙa shi ya yi laushi matuƙa aka lulluɓe ƙwayoyin da kabon. Wannan niƙan ya ƙara faɗin fuskar da ke haɗuwa da ruwan batiri, sai wata matsala ta fito: a cikin zafi, musamman idan akwai ragowar danshi, ƙwayar batirin tana fitar da iskar gas ta kumbura kamar jakar da aka hura, kuma wannan kumburin ne alamar farko cewa ta fara lalacewa. Busar da kayan haɗi sosai da lulluɓe fuskar titanet sun rage matsalar. A 2008 Toshiba ta fara sayar da nata mai suna SCiB, wanda ya shiga motoci kamar Honda Fit EV a 2012, amma masu sayen ƙananan motoci nisan tafiya suke tambaya, sai batirin ya fi samun gida a jiragen ƙasa, irin su N700S na Japan da ya fara aiki a 2020, da motocin safa, da tashoshin daidaita wutar lantarki, inda galibi ake caji da saukewa ba hutawa.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna inda cinikin ke da riba. Ƙwayar SCiB mai amfiya-awa 20 a bolt 2.3 tana riƙe wat-awa 46, nauyinta kuma kusan rabin kilo ne, wato kimanin wat-awa 89 a kowane kilo, kuma kamfanin ya ce tana kaiwa zagayen caji 20,000. A ɗauka motar safa tana buƙatar kilowat-awa 300 a yini. Idan za a ɗora mata duka a lokaci guda, ƙwayoyin kaɗai za su haura tan uku, nauyin da ya kamata ya zama na fasinjoji. Idan kuwa aka ba ta kilowat-awa 60, nauyin bai kai kilo 700 ba, sai dai dole a cika shi sau biyar a yini, kuma a hakan zagaye 20,000 zai ɗauki kusan shekara 11. Amma a kai wannan batirin gidan da ke da sola, inda ake cikawa da rana a sauke da dare sau ɗaya, zagaye 20,000 ya haura shekara 50, ke nan mai gidan ya biya kuɗin tsawon ran da injin juya wutar da wayoyinsa ba za su kai ba, ga shi kuma yana buƙatar ƙwayoyi sama da 20 a jere don samun bolt 48, maimakon 15 ko 16 na batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet.

Yunƙurin baya-bayan nan shi ne a maye gurbin titanet da haɗin titaniyam da niyobiyam, TiNb2O7, wanda Toshiba ta sanar tana aiki a kai a 2017. Yana riƙe litiyam kusan ninki biyu na titanet a kowane giram, amma matakin da yake aiki a kai yana nan a kusan bolt 1.6.