Ma'anar Hamaniyutik: Yadda Halin da Mai Karatu Yake Ciki Ke Shiga Fassarar Nassi

Ɗaliban addini a jami'o'inmu suna yawan cin karo da kalmar hamaniyutik, wasu kuma har tsoronta suke ji. Abin da take nufi shi ne nazarin yadda mutum yake fahimtar nassi: da wace tambaya ya zo, da wane ma'auni ya auna, me ya sa wata aya ta tsaya masa a rai ya wuce wata. Bajamushen nan Gadamer, a littafinsa na 1960, ya ce babu wanda yake buɗe littafi da kai fayau. Kowa yana zuwa da tarbiyyarsa da zamaninsa da damuwar da ta hana shi barci. Malamanmu ma sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka kafa usulut tafsiri, suka kuma ce mufti ya san al'adar gari kafin ya ba da fatawa.

Misalin da ya fi kusa da mu a nan Sakkwato yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 97. Mala'iku suna tambayar waɗanda suka mutu suna masu zaluntar kansu, su kuma su ce an raunana su ne a ƙasa. Sai a ce musu: ashe ƙasar Allah ba ta da faɗin da za ku yi hijira a cikinta? An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne kan wasu Musulmi da suka zauna cikin mushirikai, har suka fito tare da rundunarsu. Aya ta 98 kuma ta cire raunana na gaske, maza da mata da yara, waɗanda ba su da dabara kuma ba su san hanya ba.

A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu, bayan zama ƙarƙashin Sarkin Gobir Yunfa ya gagara. Jama'arsa suna da shugaba, suna da inda za su nufa, saboda haka hukuncin ayar ya hau kansu kai tsaye. Daga baya Shehu ya yi littafi sukutum kan wajabcin hijira.

Sai ga Maris na 1903, Turawa suka ci Sakkwato a Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya koma gari, ya kuma rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa. Ya jingina da halascin lallaɓa mai ƙarfi a zahiri idan ana tsoron cutarwarsa, hukuncin da tushensa yake a Ali Imrana, aya ta 28.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Mutanen nan biyu Alƙur'ani ɗaya suka karanta, mazhabarsu ɗaya, littattafan Shehu suka gada. Ba su saɓa kan lafazin aya ba. Inda suka rabu shi ne tambayoyin da nassi ya bar wa mai karatu ya amsa da idonsa. Shin za a iya bayyana addini a ƙarƙashin waɗannan baƙi? Akwai sauran ƙasar da za a gudu a tsira? Tsofaffi da masu goyo da ba za su jure tafiya ba, suna cikin raunanan aya ta 98? Wanda yake riƙe da tutar Shehu ya ga amanar da ba a miƙa wa baƙo. Wanda ya waiwayi garin da aka bari babu shugaba ya ga rayuka da masallatai da za su tozarta. Ni dai ban ga dalilin tuhumar niyyar ɗayansu ba.

Amma wannan ba ya nufin kowace fassara daidai ce. Larabcin ayar yana da iyaka, haka sababin saukarta, da ayoyin da ke gabanta da bayanta, da hadisan da suka yi bayaninta. Halin mai karatu yana zaɓar masa tambaya ne, ba ya ba shi ikon sauya amsa. Ana gane inda aka kauce idan mutum ya karanta aya ta 97 da babbar murya ya haɗiye ta 98, ko ya riƙe rangwamen Ali Imrana ya manta cewa farkon ayar hani ne. Wata alamar ita ce a ga duk fatawar mutum tana faɗawa daidai inda amfaninsa yake.

Saboda haka idan ɗalibi ya ɗauki Liya'ut Ta'awili na Shehu Abdullahin Gwandu, ko wani tafsiri na wannan zamani, bayan ya gane abin da malamin ya ce, sai ya bincika a wace shekara ya rubuta, wa yake mulki a lokacin, kuma su wane ne suke zaune a gabansa suna saurare.