Miƙa tikitin taro ga wani mutum

Miƙa tikiti shi ne mayar da damar shiga taro daga hannun wanda ya saya zuwa hannun wani, da sanin masu shirya taron, ta yadda tsohon tikitin zai daina aiki, sabo ya maye gurbinsa. Ya bambanta da mayar da kuɗi, domin kujerar ba ta koma wa masu taro ba. Ya kuma bambanta da tura hoton tikiti ta WhatsApp, wanda yake barin tikitin a hannun mutum biyu lokaci guda. Ana bukatar wannan tsari a duk inda ake sayar da tikiti kafin ranar taro, kamar wasan kiɗa, ko taron ƙara wa juna sani a jami'a, ko kujerun da aka keɓe a filin kokowa. A gari irin Damagaram, inda rasuwa ko suna a Mirya ko Magariya kan tayar da mutum ba shiri, hana miƙawa gaba ɗaya ba ya hana mutane yi. Sai dai su koma yin ta a ɓoye, inda mai saye ba shi da wata kariya.

## Inda zamba take shigowa

Alamar QR, wadda kamfanin Denso Wave na ƙasar Japan ya ƙirƙira a 1994, rubutu ne kawai da aka zana da ƙananan murabba'ai domin na'ura ta karanta. Ba ta san wanda yake riƙe da ita ba, kuma hotonta yana aiki daidai da na asali. Saboda haka mutum ɗaya zai iya karɓar jika biyu daga mutum uku, ya tura wa kowannensu hoton tikiti guda. Wanda ya riga zuwa ƙofa shi zai shiga, sauran biyun kuma su tsaya suna rigima da mai tsaron ƙofa, alhali ba shi ya cuce su ba. Wani lokacin mai sayarwar ne da kansa zai yi sammako ya shiga da tikitin da ya riga ya ci kuɗinsa.

Rubuta suna a kan tikiti ba ya magance wannan shi kaɗai. A cikin cunkoso babu mai tsaron ƙofar da zai duba katin ɗan ƙasa na mutum ɗari takwas ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma ana iya gyara suna a jikin hoto cikin ɗan lokaci. Abin da yake yanke hukunci shi ne rajistar da take hannun masu taro. Tikiti nuni ne kawai zuwa wani layi a cikin wannan rajista, kuma miƙawa ta gaskiya a cikin rajistar take faruwa.

## Soke tsoho, fitar da sabo

A ɗauki misalin taro a zaure mai kujera 800, tikiti jika biyu, ana buɗe ƙofa da ƙarfe 4 na yammacin Asabar. Wata malamar makaranta a unguwar Zango ta sayi tikiti mai lamba `K7M2`, sai tafiyar gaisuwar mutuwa ta kama ta ranar Juma'a, ta so ta bar wa ƙanenta.

Ita ce za ta fara neman miƙawar, daga layin wayar da ta yi saye da shi. Idan aka yarda mai karɓa ya fara, to duk wanda ya hango lambar tikiti a wayar wani zai iya neman a mayar masa da shi. Ta shigar da lambar wayar ƙanen, sai a aiko mata da lambar sirri mai alƙaluma 6 ta saƙon SMS. Alƙaluma 6 suna ba da lambobi miliyan ɗaya, don haka idan aka ƙayyade gwaji biyar, damar mai cinke ba ta wuce ɗaya cikin 200,000 ba. Ba tare da wannan ƙayyadewa ba, na'ura za ta yi ta gwadawa har ta dace. Ana kuma sa lambar ta mutu bayan ƴan mintoci, kamar biyar ko goma.

Daga nan sai saƙo ya je wa ƙanen, ana tambayarsa ko ya karɓa. Kafin ya amsa, tikitin yana nan a sunan yayarsa, kuma tana iya janye tayin. Wannan jiran yana da amfani ƙwarai, domin lambobin waya a Nijar alƙaluma 8 ne, kuma kuskuren alƙalami ɗaya ya isa ya kai tikitin hannun baƙo a wani gari.

Da ya amsa, abu biyu za su faru tare: a soke tsohon tikitin, a fitar da sabo mai wata alama dabam. Dole ne su tafi tare, ko duka su tabbata ko duka su faɗi. In an soke ba a fitar ba, kujera ta ɓace, in kuma an fitar ba a soke ba, kujera ɗaya ta zama ta mutum biyu. A rumbun bayanai ana ɗaure su kamar haka:

```sql
BEGIN;
UPDATE tikiti SET hali = 'sokakke'
 WHERE lamba = 'K7M2' AND zubi = 1 AND hali = 'mai_rai';
-- a nan manhaja ta duba: in UPDATE bai taɓa layi ba, ROLLBACK, a tsaya
INSERT INTO tikiti (lamba, zubi, hali) VALUES ('K7M2', 2, 'mai_rai');
COMMIT;
```

A nan `zubi` shi ne karo na nawa aka fitar da tikitin: tsohon 1, sabon 2. Manhajar za ta duba layi nawa `UPDATE` ya taɓa. Idan bai taɓa ko ɗaya ba, ma'ana an riga an miƙa tikitin ko an shiga da shi, sai ta yi `ROLLBACK`, wato ta fasa aikin gaba ɗaya, maimakon ta ci gaba. Wannan dubawar ita ce take hana mai wayo ya aika tayi ga mutum biyu, su amsa a daƙiƙa guda, kowa ya fita da tikiti. Ba a goge tsohon layin, domin shi ne shaida idan rigima ta tashi. A ƙarshe ana aika saƙo ga ɓangarorin biyu, na malamar kuma ya faɗa mata a fili cewa tikitin da yake wayarta ya daina aiki.

## Ƙofar da ba ta da rezo

Nan ne tsari mai kyau a takarda yake yawan karyewa. Inda mutane suka taru da yawa rezo yakan yi nauyi, shi ya sa wayoyin da ake duba tikiti da su sukan sauke jerin tikitoci tun kafin a buɗe ƙofa, su yi aiki da abin da suka sauke. A ce sun sauke da ƙarfe 2 na rana, wani kuma ya miƙa tikitinsa da ƙarfe 3 da minti 10. Wayar ƙofa ba ta ji labari ba. A wurinta tsohon tikitin yana da rai, sabon kuwa ba ta san shi ba. Mai zamba ya shiga, wanda ya biya kuɗi ya tsaya a waje.

Wasu masu tsara manhaja sukan dogara da sa hannun na'ura, wato hatimin lissafi da ake haɗawa cikin alamar QR, wanda wayar ƙofa za ta iya tantancewa ko babu rezo. Hatimin yana tabbatar da cewa masu taro ne suka fitar da sabon tikitin, don haka mai karɓa zai shiga. Amma tsohon ma yana ɗauke da hatimi sahihi, kuma babu abin da yake jikinsa da zai nuna an soke shi daga baya. Rabin matsalar kawai aka magance.

Mafita mafi sauƙi, wadda kuma ta fi dacewa da ƙananan taruka, ita ce rufe miƙawa kafin saukewar ƙarshe. In za a sauke jerin da ƙarfe 2, sai a sanar tun ranar saye cewa miƙawa tana rufewa da ƙarfe 1. Wanda lalura ta same shi bayan nan sai ya bi ta teburin masu taro, inda akwai rajistar kai tsaye, wanda aka miƙa wa ya shiga ta nan, a kuma sanar da ƙofar cewa tsohon ya mutu. Idan ƙofofi uku ne, akwai wata ɓarakar: hoto ɗaya zai iya shiga ta ƙofar farko, ya sake shiga ta ta biyu, tun da wayoyin ba sa jin juna. Ana toshe ta da rubuta wa kowane tikiti ƙofarsa, kowace waya ta karɓi nata kaɗai.

Manyan kamfanonin tikiti suna amfani da alama mai sauyawa. Ticketmaster ya fito da irinta a 2019 da sunan SafeTix, inda alamar take canzawa bayan ƴan daƙiƙoƙi, hoton da aka ɗauka ya zama banza. Dabara ce mai ƙarfi, sai dai tana bukatar babbar waya mai caji da agogo daidai. Mai ƙaramar salula ba zai amfana ba, shi sai lambar haruffa ta SMS, wadda kariyarta ita ce sokewa da shiga sau ɗaya. Tikitin takarda kuwa, miƙa shi da rajista yana nufin a kawo shi wurin sayarwa, a karɓe shi, a ba da wani.

## Lokacin da aka yaudari mai tikitin

Duk wannan gini yana kan lambar sirri, ita ce kuma ƴan damfara suke nema. Wani zai kira, ya ce: «Hajiya, daga wurin masu taro ne, muna gyara rajista, karanto mini lambar da ta shigo miki yanzu.» In ta karanta, tikitin ya tafi. Saƙon da ba ya ɗauke da komai sai alƙaluma yana taimaka wa irin wannan mutum. Ya kamata saƙon ya faɗi abin da lambar za ta aikata, da ƙarshen lambar wayar da tikitin zai koma, da gargaɗin cewa masu taro ba sa tambayar ta, kuma a rubuta shi da Hausa tare da Faransanci. Haruffa 160 na saƙo ɗaya sun isa idan an taƙaita, amma haruffa masu ƙugiya irin su ƙ da ɗ suna rage adadin zuwa 70, abin da ya kamata mai rubuta saƙon ya sani tun farko.

## Kuɗi da iyakoki

Miƙawa ba ta tabbatar da cewa an biya mai sayarwa ba. In cinikin ya gudana a waje ta Airtel Money ko Nita, dole ɗayansu ya fara amincewa da ɗayan, kuma hoton shaidar turo kuɗi ana iya ƙirƙirar sa. Abin dubawa shi ne ragowar kuɗin da yake cikin asusu. Ga mai saye, alamar gaskiya ita ce saƙon tayi ya zo daga masu taro. Wanda ya ce zai turo hoto kawai bai miƙa komai ba.

Masu taro kuma sukan rufe damar mayar da kuɗi ga wanda ya riga ya miƙa, don kada ya ci sau biyu, su kuma bayyana tun farko wanda zai karɓi kuɗi idan an fasa taron. Galibi wanda ya biya ne, ta hanyar da ya biya. Tikitin ragi na ɗalibai ko na gayyata ana hana miƙa shi, ko a nemi cikon kuɗi. Ƙayyade miƙawa sau ɗaya ko biyu ga kowane tikiti yana rage dillanci. A cikin rajista, layin waya ɗaya da ya karɓi tikitoci daga mutane da yawa marasa alaƙa, ko tikitin da aka nemi miƙa shi jim kaɗan bayan an sauya lambar wayar mai shi, su ne ake dakatarwa har sai an kira mai sayen farko a tsohuwar lambarsa.