Farantin Gindin Ginshiƙin Ƙarfe da Bol ɗinsa: Lissafin Danni da na Fizgar Iska

"Za mu gina sito mai faɗin mita 24 da rufin kwano, ginshiƙan ƙarfe kowane mita 6. Nauyin rufin ne kawai zan duba wajen zaɓen faranti da bol?"

A'a. A gini mai sauƙin rufi irin wannan, iskar da ke neman ɗaga shi ita ce ke yanke kaurin faranti, zurfin bol, har ma da girman harsashi.

Kowane ginshiƙi yana ɗauke da rabin faɗin sito, wato mita 12 sau 6, murabba'in mita 72 ke nan. Mu ɗauka kwano da ƙarafan rufi suna da nauyin 0.25 kN, wato kilonewton, a kowane murabba'in mita, sai 0.6 kN na masu hawa gyara. A ƙa'idar BS 5950, tsohuwar ƙa'idar ginin ƙarfe ta Birtaniya, don kariya ana ninka na farko da 1.4, na biyu da 1.6, sai dannin da ke sauka a gindin ginshiƙi ya kama 94 kN.

To ga iska. Guguwar farkon damina tana tsotsar rufi daga waje, idan kuma babbar ƙofa a buɗe take, sai ta cika cikin sito ta tura shi daga ƙasa. A wannan misali mu ɗauki jimillar biyun 1.2 kN a murabba'in mita. Ainihin adadin yana fitowa ne daga ƙarfin iskar wurin da tsayin ginin. Ana ninka ta da 1.4, amma nauyin rufin da ke taimakonka ba a ƙara masa komai, kuma ba a sa masu gyara a lissafi, don babu mai hawa rufi cikin guguwa. Fizgar T a gindin ginshiƙi ita ce:

```
T = 1.4 × 1.2 × 72 − 1.0 × 0.25 × 72 = 103 kN
```

Fizga sama ta fi danni ƙasa. Ginshiƙan da ke cikin sashen da aka ɗaure da ƙarafan gicciye kuwa nasu ya fi haka, domin gicciyen ma yana jan gindinsu sama, sai a yi musu lissafi daban.

"Ta yaya ake gane kaurin da danni ke buƙata?"

Aikin faranti a nan shi ne ya baza nauyi don kada bakin ginshiƙi ya murƙushe kankare. Kankare mai ƙarfin 25 N/mm² a gwajin kub ana ba shi kashi 60 cikin ɗari, wato 15 N/mm². Raba 94,000 da 15 ka sami kimanin 6,300 mm², filin da bai wuce milimita 80 sau 80 ba. Bakin ginshiƙi mai siffar H, 203×203×46 UC, shi kaɗai ya kai 5,870 mm². Ka ga a sitonmu danni ba shi da ta cewa.

Inda nauyi ke da yawa, a ce 600 kN a ƙarƙashin bene, ana buƙatar 40,000 mm². Ba duk faranti ke aiki ba, sai wani zirin da ke kewaye da siffar ginshiƙin, mai faɗin c. Ga wannan ginshiƙi c yana fitowa milimita 26, sai kauri t, inda w ke nufin 15 N/mm² ɗin kankare, py kuma ƙarfin ƙarfen farantin:

```
t = c × √(3w / py) = 26 × √(45 / 275) ≈ 11 mm
```

Abin lura shi ne faɗaɗa faranti ba tare da ƙara kaurinsa ba ba ya ƙara masa ƙarfi ko kaɗan. Gefunan da suka wuce zirin nan wurin zaman bol ne kawai.

"To fizga fa, me take yi wa farantin?"

Tana lanƙwasa shi. Ginshiƙi yana ja sama, bol suna riƙe ƙasa, ƙarfen da ke tsakaninsu shi ke shan wahala. Mu ɗauki faranti 400 sau 250 da bol huɗu M20, biyu a bayan kowane fiffiken ginshiƙi, wato faffaɗan gefensa, tazara 300 ta tsawo da 100 ta faɗi. Kowane bol yana ɗaukar 26 kN, kuma yana nesa da fuskar fiffike da kusan milimita 50. Ƙarfin yana bazuwa zuwa fiffiken a kusurwar digiri 45 ta kowane gefe, don haka faɗin da ke aiki ga kowane bol, wato b, milimita 100 ne. M shi ne ƙarfin lanƙwasa, py kuma ya sauka zuwa 265 saboda farantin ya fi kauri.

```
M = 26,000 × 50 = 1.3 × 10⁶ Nmm
t = √(6M / (b × py)) = √(7.8 × 10⁶ / (100 × 265)) ≈ 17 mm
```

Sai a sa milimita 20. Wanda ya sa 10 saboda danni ya nuna ya isa, farantinsa zai yi doro a tsakiya. Abin bai tsaya nan ba: idan siririn faranti ya lanƙwashe, bakinsa na waje yana dogara da kankare ya zama mabanɓari, sai bol ya ɗauki fiye da rabonsa. Kauri ne maganin wannan. Matsar da bol kusa da fiffike ma yana rage lanƙwasa, muddin an bar wa sufana da walda wuri. Jefa su can kusurwoyin faranti, inda suka wuce bakin fiffike, yana tsawaita hanyar ƙarfin ne a banza.

Walda ba ta cika zama matsala a lissafi ba. Ta milimita 6 tana ɗaukar kimanin 0.9 kN a kowane milimita, mu kuma 0.26 muke nema. Matsalar ita ce a ɗiga ta nan da can maimakon a zagaye ginshiƙin gaba ɗaya.

"M20 huɗu sun isa? Kuma zurfin nawa za a binne su?"

Ƙarfen bol ɗin ya isa. Wurin zaren M20 yana da 245 mm², kuma mai daraja 4.6 yana ɗaukar 47 kN, kusan ninki biyu na abin da ke kansa. Amma da wuya bol ya tsinke kafin kankare ya bari. Abin da ke faruwa shi ne ya fito da dunƙulen kankare mai siffar mazurari, tsininsa a kan bol na ƙasa, bakinsa a sama ya bazu zurfi ɗaya da rabi ta kowane gefe. Ƙa'idar EN 1992-4 ta ba da ƙarfin bol ɗaya mai kai, wanda aka zuba kankare a kansa, a kankaren da ake ɗauka yana da tsaga:

```
N = 8.9 × √fck × hef^1.5
```

A nan fck ƙarfin gwajin silinda ne, 20 ga kankarenmu, hef kuma zurfi daga saman kankare zuwa kan bol. A zurfin 300 ana samun 207 kN. Bol huɗu ba su ba da ninki huɗu, domin mazuraransu sun shiga juna: ɗaya yana cin fili 900 sau 900, huɗun tare 1,200 sau 1,000, kusan ɗaya da rabi kawai. Bayan an raba da 1.5 na kariya, saura kimanin 200 kN. Ya wuce 103, ko 112 da za a samu idan an ninka iska da 1.5 yadda ƙa'idojin Turai ke yi.

Sai dai wannan lissafi na faffaɗan kankare ne da babu gefe kusa. Yawancin ginshiƙai suna zaune ne a kan ɗan wuyan kankare da ya taso daga harsashi. Idan wuyan 600 sau 450 ne, mazurarin ba shi da wurin bazuwa, ƙarfin ya faɗo zuwa kimanin 70 kN. Ƙara zurfi a cikin wuyan ba ya gyara komai, saboda gefuna ne suka takura shi.

Mafita ita ce a miƙa wa rodi aikin. Raba 103,000 da ƙarfin rodi, 400 N/mm², ka sami 258 mm². Rodi huɗu na milimita 12 suna ba da 452. Amma sai sun tsaya dab da bol, kuma sun sami tsawon kamu sama da ƙasa da inda tsagar za ta bi, kimanin kaurinsu sau 40. Shi ya sa a kan wuya ake kai bol zurfin 500 zuwa 600, a lanƙwasa kan rodin a sama, ƙafarsu ta shige cikin ragar harsashi, a kuma matso da zobba biyu ko uku a saman wuyan don kada ya tsage.

"Mai walda ya ce a lanƙwasa ƙarshen bol kamar ƙugiya ya wadatar."

Ga ginshiƙin da danni kawai yake ɗauka, inda bol ke riƙe shi lokacin kafawa, ƙugiya ba ta da laifi. A ƙarƙashin fizga kuwa sandar mai santsi tana murƙushe ɗan kankaren da ke cikin lanƙwasar, ta miƙe a hankali, ta zare. A ƙarshen bol na ƙasa a sa noti da ɗan faranti, kamar 100 sau 100 mai kaurin 12, a kulle notin da wani na biyu. Haɗa guntun sanda mai zare da rodi ta hanyar walda ya fi ƙugiya muni, domin duk fizgar tana bi ta waldar da za a binne ba a gwada ta ba. Bol mai daraja 8.8 kuwa ba a sa masa wuta ko walda, zafi yana lalata ƙarfinsa.

"Idan duk wannan ya yi daidai, shi ke nan?"

Saura harsashin kansa. Wanda aka auna da danni kaɗai zai iya fitowa mita 1.2 sau 1.2 mai kaurin 0.4, nauyinsa 14 kN kacal, iska za ta tumɓuke shi tare da bol ɗinsa lafiyayyu. Mai mita 2 sau 2 da kaurin 0.6 yana da 58 kN, ƙasar mita ɗaya da aka daddaɓe a kansa ta ƙara kimanin 72, jimilla 130. Ko an rage kashi goma saboda kariya, ya rinjayi 103. A fadama, inda ruwa ke tasowa da damina, ana cire 10 kN daga kowane kubik mita da ke cikin ruwa. Kuma kada a ɗora kwano kafin a mayar da ƙasar a daddaɓe ta.

"Bol ba su dace da hudar faranti ba. A faɗaɗa hudar da wutar gas?"

Rigakafin shi ne allon katako ko ƙarfe mai huda daidai da na farantin, wanda ke riƙe bol lokacin zuba kankare, da kuma huda da ta fi bol da kimanin milimita 6. Idan kaucewar 'yar kaɗan ce, a faɗaɗa da injin huda, a rufe da washa mai kauri, milimita 8 zuwa 10, mai huda daidai da bol. Siririyar washa ta kasuwa a kan wagegiyar huda tana lotsawa, noti ya bi ta ciki ya fice. Idan kaucewar ta yi yawa, a koma wurin injiniya ya sake lissafin faranti, ban da dukan bol da guduma.

Ƙarƙashin faranti ana barin milimita 25 zuwa 50 a cika da haɗin siminti mara tsukewa, ana zuba shi ta gefe ɗaya har ya ɓullo ta ɗayan don kada iska ta maƙale. Bayan damina ta farko a zagaya gindin kowane ginshiƙi. Notin da ke juyawa da hannu, zoben tsatsa a kewayen washa, rata tsakanin faranti da siminti, ko tsaga da ke tasowa daga bol zuwa gefen wuya, duk suna nuna gindin yana motsi, kuma a duba ginshiƙan kusurwa da na kusa da babbar ƙofa tukuna.