Ba a ce tires bai damu da jeri ba: abin da ƙa'idar juyin matiris da ta tires suka ce game da ninki

Jarrabawar aljabara ta gabato, kuma wata magana ta bazu tsakanin ɗalibai. Wai idan ana neman tires na matiris da aka ninka da juna, to a jera su yadda aka ga dama, amsa ɗaya ce. Wata kuma ta biyo bayanta, wai alamar juyi tana shiga cikin baka ta sauka a kan kowane matiris a inda ta same shi. Na ji wannan daga bakin mutum uku cikin mako guda, ɗaya har da rantsuwa cewa haka malami ya faɗa. Malami bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai an ɗauke shi an kai shi inda bai kai ba.

Ma'anar kalmomin biyu ba ta da wuya. Juyi, wanda wasu ke kira tiransfos, shi ne a mayar da layukan kwance na matiris su koma layukan tsaye, ana rubuta shi Aᵀ. Matiris mai layin kwance 2 da layin tsaye 3, idan an juya shi, sai ya zama mai kwance 3 da tsaye 2. Tires kuwa, wato tr(A), jimillar lambobin da ke kan layin da ya ratso daga kusurwar hagu ta sama zuwa kusurwar dama ta ƙasa ce. Kowane matiris yana juyuwa, amma tires na wanda layukansa na kwance da na tsaye suka zo daidai da yawa ne kawai.

A kan tarawa babu rigima: juyin A + B shi ne Aᵀ + Bᵀ, tires ɗinsa kuma tr(A) + tr(B). Ina ganin wannan sauƙin ne ke lalata mutane, don hannu ya riga ya saba da rabawa kai tsaye, sai ya zarce da ita zuwa ninki.

Ƙa'idar juyi a ninki ita ce (AB)ᵀ = BᵀAᵀ. Na baya ya dawo gaba. Ga matiris biyu da za mu riƙe har ƙarshe:

```
A = | 1  2 |     B = | 1  0 |
    | 3  4 |         | 5  1 |
```

Idan aka ninka A da B, layin kwance na farko na A, wato 1 da 2, ya haɗu da layin tsaye na farko na B, wato 1 da 5, ya ba da 1 + 10 = 11. Haka aka bi sauran gurabe uku. Ga abin da ya fito, da juyinsa, da hanyoyin nan biyu da ake jayayya a kansu:

```
AB   = | 11   2 |     (AB)ᵀ = | 11  23 |
       | 23   4 |             |  2   4 |

BᵀAᵀ = | 11  23 |     AᵀBᵀ  = |  1   8 |
       |  2   4 |             |  2  14 |
```

BᵀAᵀ ya dace da (AB)ᵀ gurbi da gurbi. AᵀBᵀ kuwa gurbi ɗaya tak ya dace, shi ma katari ne. Abin da mai wannan kuskure ya samo a zahiri shi ne juyin BA, amsar tambayar da ba a yi masa ba.

Dalilin sauyin jerin yana cikin yadda ake ninki. Kowace lamba a cikin AB ta fito ne daga layin kwance na A da layin tsaye na B. Da an juya, layukan tsaye na B sun koma na kwance, layukan kwance na A sun koma na tsaye. To a ninki, mai ba da layin kwance shi ke tsayawa a hagu, don haka dole Bᵀ ya wuce gaba. Wanda ya manta ƙa'idar a ɗakin jarrabawa ba sai ya yi ta dafe kai ba, ya duba girma kawai. A ce A mai 2 da 3 ne, B mai 3 da 4. AB zai zama 2 da 4, juyinsa 4 da 2. Bᵀ mai 4 da 3 ne, Aᵀ mai 3 da 2, ukun tsakiya sun haɗu, an sami 4 da 2. In kuwa aka sa Aᵀ a gaba, 2 ne zai fuskanci 4, ninkin ma ba zai yiwu ba. Matsalar ita ce yawancin tambayoyin da ake ba ɗalibai matiris mai 2 da 2 ne ko 3 da 3, inda kowane jeri ke ninkuwa, babu abin da zai yi wa mutum tsawa. In matiris uku ne, haka dai abin yake: (ABC)ᵀ = CᵀBᵀAᵀ.

Tires shi ne inda jita-jitar ta fi ƙarfi, don tana da ƙafa ɗaya a kan gaskiya. tr(AB) = tr(BA), wannan tabbas ne. A misalinmu AB ya ba da 11 + 4 = 15. BA kuma layinsa na farko 1 da 2 ne, na biyu 8 da 14, tires ɗinsa 1 + 14 = 15. Matiris biyun ba su yi kama ba, tires ɗinsu ɗaya. Ƙa'idar ma tana aiki ko da AB da BA ba girmansu ɗaya ba. Ɗauki x mai lambobi 1, 2, 3 a tsaye, da y mai 4, 5, 6 a tsaye. yᵀx lamba ɗaya ce tal, 4 + 10 + 18 = 32. xyᵀ kuwa matiris ne mai gurabe tara, amma lambobin da ke kan layin da ya ratsa shi su ne 4 da 10 da 18, jimilla 32.

Akwai tarko a nan da ban cika jin ana faɗa ba. Wasu kan gwada amsarsu ta juyi da tires, su ce in tires ya dace to aiki ya yi. Duba AᵀBᵀ ɗin can na sama, amsar da ba daidai ba: 1 + 14 = 15, daidai da tires na amsar gaskiya. Kuma kullum haka zai kasance, tunda juyi ba ya taɓa lambobin da ke kan wannan layi, kuma AB da BA tires ɗinsu ɗaya. Saboda haka tires ba zai taɓa kama maka wannan kuskuren ba. Sai ka duba gurabun da ke gefe.

Daga tr(AB) = tr(BA) ne aka yi tsalle aka ce jeri bai da muhimmanci. Abin da ƙa'idar ta yarda da shi a matiris uku shi ne zagaye: ka ɗauke na gaba ka kai shi ƙarshe, ko na ƙarshe ka kawo shi gaba. tr(ABC) = tr(BCA) = tr(CAB). Dalili kuwa ƙa'idar nan ta matiris biyu ce dai, ka ɗauki BC a matsayin abu guda ka musanya shi da A. Kamar carbi ne, daga kowace ƙwaya ka fara ja ya yi, amma ba ka da ikon tsinke zaren ka musanya ƙwayoyi biyu. ACB da BAC da CBA wani zagayen ne daban, su ukun tires ɗinsu ɗaya, amma babu abin da ya ɗaure su da zagayen farko.

Mu ƙara na uku, C, mai layin farko 0 da 1, layi na biyu 0 da 0:

```
ABC = | 0  11 |   BCA = |  3   4 |   CAB = | 23  4 |
      | 0  23 |         | 15  20 |         |  0  0 |

ACB = |  5  1 |
      | 15  3 |
```

Ukun sama kowanne 23. ACB ya ba da 5 + 3 = 8. Tsakanin 23 da 8 babu batun kuskuren lissafi, B da C kawai aka musanya.

Na san inda wasu suka ga abin ya yi musu aiki har suka gaskata. Idan A da B da C duk irin matiris ɗin nan ne da juyinsa shi ne shi kansa, to a nan kowane jeri tires ɗaya yake bayarwa. Ka juya ABC, tires bai canza ba, ka sami CᵀBᵀAᵀ, wanda a wannan hali shi ne CBA, sai zagayen biyu suka haɗe. Rangwame ne na musamman, kuma da matiris sun kai huɗu ya ƙare, don a nan akwai jerin da zagaye da juyi ba za su kai ka gare shi ba. A matiris na gama-gari, abin da juyi ya ba ka shi ne tr(ABC) = tr(CᵀBᵀAᵀ), tare da alamomin juyin duka uku. Zubar da su a hanya shi ne ke haifar da da'awar cewa tr(ABC) daidai yake da tr(CBA).

Wani zamewar kuma, tr(AB) ba tr(A) sau tr(B) ba ne. Tires na A 5 ne, na B 2, ninkinsu 10, alhali mun ga 15. Wannan ƙa'idar ta ditaminan ce, det(AB) = det(A)det(B), aka aro ta aka kai gidan da ba nata ba. Haka nan tr(AᵀA) ba tr(AA) ba ne: na farko 1 + 4 + 9 + 16 = 30, wato kowace lamba sau kanta a tara, na biyu kuwa 7 + 22 = 29. Kusancin nan na 30 da 29 ya isa ya sa mutum ya zaci ya yi ɓatan lissafi ne ya koma yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Hukuncin waɗannan kurakurai a takardar jarrabawa yana da zafi, musamman a tambayar da aka ce a tabbatar da wani abu. Sukan faɗo ne a layi na biyu ko na uku, duk abin da aka gina a kai kuma ya rushe, ko da amsar ƙarshe ta dace da wadda ake nema. Misali, a nuna cewa tr(P⁻¹AP) = tr(A). Wani zai musanya A da P a tsakiya, ya rubuta tr(P⁻¹PA), ya soke, ya sami tr(A). Amsa daidai, hanya haramtacciya. Halastacciyar ita ce a ɗauke P na ƙarshe a kawo shi gaba, a sami tr(PP⁻¹A), sannan a soke. Ɗalibi zai zo yana cewa, "Malam, ai amsata ta fito," kuma ba za a ba shi makin ba.

A kan juyi ba na jin tausayi sosai, tunda duba girma na minti ɗaya ya isa ya tsamar da mutum. A kan tires kuwa ina ganin laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Sau da yawa akan rubuta tr(AB) = tr(BA) a allo a wuce, ba tare da an nuna ko misali ɗaya na matiris uku da abin ya ƙi ba, sannan a zo a yanke maki a kan abin da ba a taɓa gargaɗi a kansa ba. Misalin 23 da 8 ɗin can bai fi minti biyar a allo ba.